Baƙin layi da cif: abin da ke faruwa cikin daƙiƙun da katinka ke hannun na'ura

Ɗauko katin bankinka ka juya bayansa. Akwai baƙin layi da ya ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan. Ka sake juyo gabansa, za ka ga ɗan ƙarfe mai ruwan zinariya ko na azurfa, an tsattsaga shi gida-gida kamar na sim ɗin waya. Wannan shi ake kira cif. Mutane da yawa sun ɗauka duk aikinsu ɗaya: wurin ajiye lambar kati ne, sai dai ɗaya tsohon yayi ne, ɗaya kuma sabo. Ba haka abin yake ba. Baƙin layin rubutu ne kawai, na'ura ta karanta ta wuce. Shi kuwa cif kwamfuta ce ƙarama, kuma ba karanta ta ake yi ba, magana ake da ita: a tambaye ta, ta yi lissafi, ta ba da amsa. Duk bambancin tsaron da ke tsakaninsu daga nan ya taso.

Hanya mafi sauƙi ta ganin wannan ita ce mu bi ciniki ɗaya sau biyu. Kati ɗaya, kuɗi ɗaya, a ce 25.00 a kowane irin kuɗi ne. Karo na farko a goga katin, karo na biyu a soka shi. A duka biyun kuma mu ƙaddara akwai ɓarawo a tsakani da ke jin duk abin da ya fita daga kati zuwa na'ura, ba abin da ya wuce shi.

Mu fara da gogawa. Baƙin layin nan ɗan'uwan zaren kaset ne. Kamfanin IBM ne ya fito da dabarar manna shi a jikin katin roba a shekarun 1960, kuma ana danganta aikin ga injiniyansu Forrest Parry. An shafe layin da ƙananan ƙwayoyin maganaɗisu, kowane yanki yana fuskantar ko dai nan ko can. A cikin ramin da ake jan katin akwai ɗan kai mai naɗin waya. Duk inda fuskar maganaɗisun ta juya yayin da katin ke wucewa, sai 'yar wutar lantarki ta motsa a cikin wayar. Na'urar tana auna tazarar da ke tsakanin waɗannan motsin: idan an samu ƙarin juyi a tsakiyar zango, wannan 1 ne, idan babu, 0 ne. Shi ya sa ake son hannunka ya tafi bai ɗaya lokacin gogawa. A farkon layin an jera sifili da yawa don na'urar ta gane saurin hannunka kafin bayanin gaske ya iso, to idan ka tsaya a tsakiya ko ka fizga, lissafin tazarar ya rikice, sai ta ce ka sake.

Layin ya kasu sahu uku, amma biyu ake amfani da su a harkar biyan kuɗi. Sahu na farko yana ɗaukar haruffa da lambobi har 79, a nan sunan mai kati yake. Na biyu lambobi zalla yake ɗauka, guda 40 kacal, kuma shi ne wanda ciniki ya fi dogara a kai. Ga yadda yake, da lambar gwaji da ba ta kowa ba ce:

```
;4111111111111111=281220100000123?
```

Lambobi 16 na farko su ne lambar katin. Bayan alamar `=` sai `2812`, wato katin zai daina aiki a watan 12 na shekarar 2028. Sai `201`, wadda ake kira lambar hidima. Ka riƙe ta a rai, za mu dawo kanta. Ragowar na banki ne, kuma a ciki yake ɓoye wata lamba mai gida uku da yake tantance layin da ita. Ba ita ce ukun da aka buga a bayan kati ba, wannan dabam, waccan dabam.

Iyakar abin ke nan. Na'urar ta kwashi wannan jeren, ta haɗa da adadin kuɗin, ta aika wa banki. Katin bai san nawa za a cira ba, bai san wace na'ura ce ba, bai ma san an karanta shi ba. Abin da ya faɗa yau shi zai faɗa gobe, shi zai faɗa bayan shekara uku, ga duk kan da ya shafe shi, na halak ne ko na ɓarawo.

To ɓarawonmu me ya samu? Komai. Ya samu duk abin da banki ke dubawa ya yarda cewa katin gaske ne. Da 'yar na'urar rubuta layi, irin wadda ake shirya katin buɗe ɗakin otal da ita, zai rubuta wannan jere a kan farin kati, kuma daga wajen banki babu wata hanya ta rarrabe kwafin da na asali, domin ba su da bambanci ko na 0 ko 1 guda ɗaya. Idan ya haɗa da ɓoyayyiyar kyamara ya ga lambar sirrinka, to ya gama. Haka masu manna bakin bogi a jikin ATM suke yi. Wani lokaci ma ba sai an taɓa katin ba. A ƙarshen shekarar 2013 an shigar da muguwar manhaja cikin na'urorin biyan kuɗi na kantunan Target a Amurka, ta riƙa tsintar bayanan layi daga cikin na'urorin yayin da mutane ke gogawa, aka kwashe na kati wajen miliyan 40. Kowane ɗaya daga cikinsu ya isa a buga katin jabu da shi.

Ni a ganina laifin bai tsaya ga cewa layin a buɗe yake ba. Ko da an ɓoye rubutun ta yadda ɓarawo ba zai fahimci ma'anarsa ba, ba ya bukatar ya fahimta, kwafa kawai zai yi. Matsalar ita ce hujjar ba ta canzawa. Duk shaidar da ake nunawa iri ɗaya kullum, ranar da wani ya gan ta ta zama tasa.

Yanzu mu soka katin. Wannan ɗan ƙarfen da kake gani ba shi ne cif ɗin ba, fuskarsa ce kawai, wurin da ƙananan allurai na cikin na'ura ke taɓawa. Kwamfutar tana ƙarƙashinsa, da wurin lissafinta da wurin ajiyarta. Ba ta da batir. Na'urar ce ke ba ta wuta ta ɗaya daga cikin gidajen ƙarfen, ta ba ta bugun agogo ta wani, ta tashe ta ta wani, sannan duk maganar da za su yi ta bi ta gida ɗaya tak, kai da komowa. Wannan ne dalilin da ya sa ake cewa kada ka zare katin sai an gama. Zarewa a tsakiya daidai yake da cire wa kwamfuta wuta tana cikin aiki.

Tsarin maganar tasu ana kiransa EMV, daga sunayen kamfanoni ukun da suka shimfiɗa shi a tsakiyar shekarun 1990: Europay, Mastercard da Visa. Faransa ta riga kowa, domin tun 1992 katunan bankunanta ke ɗauke da cif na tsarinsu. Yau ƙungiyar EMVCo ce ke kula da ƙa'idojin.

Da zarar wuta ta shiga, katin zai fara gabatar da kansa, ya faɗi irin saurin da salon maganar da yake iyawa. Daga nan na'ura ke tambaya, kati na amsawa, bi da bi. Abu na farko shi ne a gano wace manhaja ce a ciki, domin cif ɗaya na iya ɗaukar fiye da ɗaya. Ga umarnin da na'ura ke aikawa idan tana son buɗe manhajar Visa ta yau da kullum:

```
00 A4 04 00 07 A0 00 00 00 03 10 10 00
```

Wannan `A0000000031010` shi ne sunan manhajar; na Mastercard kuwa `A0000000041010` ne. Ka duba rasit ɗin da POS ya fitar maka, sau da yawa za ka gan shi a ƙasa, kusa da `AID`. Idan komai ya tafi daidai, katin yana rufe amsarsa da `90 00`, wato "na ji, an yi".

Sai na'urar ta nemi bayanan katin, shi kuma ya miƙa: lamba, ranar ƙarewa, da sauransu. A nan akwai abin da ke ba mutane mamaki, kuma ya kamata a faɗe shi ƙarara. Cif ba ya ɓoye lambar katinka. Yana ba da ita a fili ga duk na'urar da ta tambaya, har ma yana ɗauke da wani jere mai kama da sahu na biyu na baƙin layi. Saboda haka ɓarawonmu da ke saurare ya ji lambar, ya ji ranar ƙarewa. Har zuwa nan bai rasa komai ba.

Inda aka bar shi a baya shi ne mataki na gaba. A cikin cif akwai mabuɗin sirri, wata doguwar lamba da banki ya dasa lokacin da ake shirya katin. Babu wani umarni a duk tsarin da ke sa katin ya furta wannan mabuɗi. Ba ya fita, ko na'urar banki ce ta tambaya. Abin da katin ke yarda ya yi kawai shi ne ya yi lissafi da shi ya ba da sakamakon. An kuma ƙera cif ɗin ta yadda tono mabuɗin daga jikinsa zai ci kayan aiki da ƙwarewa da lokaci masu yawa, kuma in an yi nasara, na kati ɗaya aka samu.

To na'urar sai ta tattara bayanan wannan ciniki ta miƙa wa katin, shi kuma ya ƙara nasa. A misalinmu, manyan cikinsu za su yi kama da haka:

```
9F02  000000002500
9A    250314
9F37  3FA91C07
9F36  0041
```

Layin farko adadin kuɗin ne, 25.00. Na biyu kwanan wata, 14 ga Maris 2025. Na uku wata lamba ce da na'urar ta ƙirƙira nan take, ba tsari, don kada wani ya iya hasashenta tun kafin lokaci. Na huɗu daga katin yake: ma'ƙirgi ne da ke ƙaruwa da ɗaya duk lokacin da aka fara ciniki, kuma ba ya komawa baya. An rubuta shi a ƙidayar kwamfuta mai tushe 16, don haka `0041` na nufin ciniki na 65 a rayuwar katin. Ana haɗawa da lambar ƙasar da na'urar take, da irin kuɗin, da sakamakon binciken da na'urar ta riga ta yi.

Katin zai cakuɗa waɗannan duka da mabuɗinsa, ya fitar da wani gajeren jere mai tsawon bayit 8, wato 0 da 1 guda 64 a jere. Sunansa a ƙa'ida ARQC, amma mu kira shi hatimi, domin aikin hatimi yake yi. Siffarsa ita ce: idan aka canza ko da lamba ɗaya a cikin abin da aka cakuɗa, a ce 25.00 ta koma 26.00, hatimin gaba ɗaya zai sauya kama, ba kusa ba ma. Kuma daga hatimin ba a iya komawa baya a gano mabuɗin. Wanda ya ce zai cinka kuwa, yana neman ɗaya ne cikin kusan 18 mai sifili 18 a bayanta.

Na'urar ba ta iya tantance wannan hatimi, ba ta da mabuɗin. Aikinta ta aika shi tare da bayanan zuwa bankin da ya ba ka katin. Akwai dabara mai kyau a nan. Bankin ba ya ajiye miliyoyin mabuɗai, ɗaya na kowane kati. Yana da uwar mabuɗi guda a cikin wani akwatin tsaro na musamman da ake kira HSM, kuma mabuɗin kowane kati an haife shi ne daga uwar tare da lambar katin. Idan saƙo ya iso, akwatin zai sake haifo mabuɗin katinka, ya maimaita lissafin da katin ya yi da bayanan da aka turo, ya kwatanta. In sun dace, abu biyu sun tabbata a lokaci guda: katin da ke cikin na'urar yana riƙe da mabuɗin gaske, kuma ba a taɓa adadin kuɗin a hanya ba. Sannan ne za a duba ko akwai kuɗi a asusun. Bankin ma yana mayar da nasa hatimin, ARPC, wanda katin zai iya dubawa ya tabbatar da cewa amsar daga bankinsa ta fito, ba wani ne ya ƙirƙira ta a tsakani ba.

Mu koma wurin ɓarawo. Yana da lambar kati, yana da ranar ƙarewa, yana da hatimin ciniki na 65. Me zai yi da su?

A ce ya shirya cif na bogi da zai maimaita wannan hatimi a wata na'ura. Na'urar za ta ba shi sabuwar lambar da ta ƙirƙira, da sabon kwanan wata, wataƙila da wani adadin kuɗi. Hatimin da ke hannunsa na tsofaffin bayanai ne, lissafin banki ba zai dace da shi ba. A ce kuma ya samu hanyar tura tsohon saƙon sukutum yadda yake. Bankin zai ga ma'ƙirgi na cewa 65, alhali 65 ya riga ya wuce. Don ya ƙera hatimin 66 yana bukatar mabuɗin, mabuɗin kuwa yana aljihunka. Ya ji duk hirar daga farko har ƙarshe, amma abin da ya ji ya mutu tare da cinikin.

Saura dabara ɗaya, kuma ita ce masu wannan sana'a suka fi gwadawa. Tun da cif ya ba da jere mai kama da na baƙin layi, me zai hana a rubuta shi a kan layin farin kati a je a goga? Akwai masu cusa wani siririn faifai cikin bakin na'ura don ya saurari cif saboda wannan manufa. Masu tsara EMV sun hango haka. Lambar tantancewa mai gida uku da ke cikin jeren cif dabam take da wadda ke kan layin gaske. Ana kiranta iCVV. Idan saƙo ya zo wa banki yana cewa "goga ni aka yi" amma yana ɗauke da lambar cif, to an kama shi. Sharaɗin dai shi ne bankin ya duba. Inda aka ci nasara da wannan hanya, sakacin dubawa ne ya buɗe ƙofar.

Akwai kuma lokacin da na'ura ba ta iya kaiwa ga banki, kamar a cikin jirgin sama ko inda sabis ya yanke. Baƙin layi ba shi da abin cewa a nan, sai dai a yarda da shi ido rufe. Cif kuwa yana da hanya ta biyu, mai amfani da mabuɗai tagwaye: ɗaya na sirri da ke sa hannu, ɗaya na fili da kowa zai iya tantance sa hannun da shi. Kowace na'ura tana ɗauke da mabuɗan fili na kamfanonin kati. Da su take tabbatar da takardar shaidar banki da ke cikin katin, da ta banki kuma take tabbatar da ta katin kansa. Tsarin farko, SDA, sa hannu ɗaya ne daskararre da banki ya yi tun farko, don haka ya gaji ciwon baƙin layi: ana iya kwafe shi. Shi ya sa aka koma DDA, inda na'ura ke jefa wa kati sabuwar lamba ya sa mata hannu nan take, sannan CDA, wanda ke ɗaure wannan sa hannu da hatimin cinikin kansa. Ka lura darasi ɗaya ne ya sake dawowa, har a cikin gidan cif.

Lambar sirri fa? Ita tambayarta dabam ce. Hatimi na amsa "katin gaske ne?", lambar sirri na amsa "mai shi ne ke riƙe da shi?". Wani lokaci ana rufe ta a aika banki ya duba, kamar yadda ake yi a ATM. Wani lokaci kuma cif ɗin da kansa ke dubawa: na'ura ta miƙa masa abin da ka danna, in daidai ne ya ce `90 00`, in kuskure ne ya ce `63 C2`, wato saura gwaji biyu. Yawanci bayan kuskure uku yake kullewa, kuma ƙirgen a cikin cif yake, don haka sauya na'ura ba ya sabunta shi.

A daidai wannan gaɓa aka taɓa samun ɓaraka mai koyarwa. A shekarar 2010 masu bincike a Jami'ar Cambridge, cikinsu har da Ross Anderson da Steven Murdoch, sun nuna cewa idan aka sa wata na'ura tsakanin katin sata da POS, za ta iya tare tambayar lambar sirri ta amsa `90 00` da kanta. POS ya ɗauka an danna lambar daidai, katin kuma ya ɗauka ba a tambaye shi lamba ba sam, sai ya buga hatiminsa na gaske. Ba su fasa mabuɗi ba, ba su kwafi kati ba. Sun shiga ne ta inda amsar ba ta da hatimi. Maganinsa shi ne banki ya kwatanta labarin da kati ya bayar da wanda na'ura ta bayar game da yadda aka tantance mai kati. Ina kawo wannan ne don kada a ɗauka cif tsafi ne. Ƙarfinsa yana tsayawa daidai inda abin da aka sa wa hatimi ya tsaya.

Yanzu ga wurin da na fi so mai karatu ya buɗe ido, domin shi ne wanda za ka iya gani da idonka. Ka tuna `201` ɗin nan da ke kan baƙin layi? Lambar farko, 2, saƙo ne ga na'ura: "wannan kati yana da cif". Shi ya sa idan ka goga katin zamani a na'urar da ke karɓar cif, sai ta ƙi, ta ce ka soka. Katin da ba shi da cif yakan ɗauki `101`. Ɓarawon da ya kwafi layinka zai so ya mayar da 2 ta koma 1, amma lambar tantancewar nan mai gida uku an lissafa ta ne daga lambar kati da ranar ƙarewa da lambar hidimar kanta, don haka da ya taɓa ta, tantancewar ta rushe.

Abin da ya rage masa shi ne ƙofar baya da aka bari don uzuri. Cif na iya lalacewa da gaske: ya yi datti, ya goge, ko katin ya lanƙwashe a aljihu. Don kada ciniki ya tsaya, na'urori da yawa an saita su cewa idan an soka kati sau biyu ko uku bai amsa ba, su ba da damar gogawa. To sai ɓarawo ya buga layin sata a kan katin da ke da mataccen cif, ya soka, ya soka, ya soka, na'ura ta gaji ta ce a goga. Cikin daƙiƙa kaɗan an dawo shekarun 1960. Saƙon da ke zuwa banki yana ɗauke da alamar yadda aka karanta katin: `05` cif ne, `07` karawa ce, wato ɗora kati a jikin na'ura ba tare da sokawa ba, `90` gogawa ce, `80` kuma gogawa bayan cif ya gaza. Bankuna da yawa yanzu suna ƙin irin wannan na ƙarshe kai tsaye, ko su tsananta bincike a kansa, kuma a ganina daidai suka yi, ko da hakan zai ɓata wa mai katin gaske rai wata rana.

Daga wannan, abu biyu ke fitowa ga masu mu'amala da kati kullum. Mai karɓar kuɗi da ya ga baƙo ya zo da kati sabo fil amma cif ɗinsa ya ƙi amsawa, kuma kayan da zai saya masu tsada ne, ya san abin da yake kallo. Kai kuma mai kati, idan cif ɗinka na aiki lafiya a ko'ina amma wani wuri aka ce maka "ba ya karantawa, kawo a goga", musamman in an nufi wata na'ura ta biyu da shi ko an kai shi inda idonka ba ya gani, ka karɓi abinka. Rasit ma shaida ne: cinikin cif yakan fito da `AID` da sunan manhaja, na gogawa ba ya fitowa da su. Idan kuma cif ɗinka ya fara gardama a na'urori daban-daban, ka goge fuskar ƙarfen da busasshen ƙyalle mai laushi; in bai daina ba, ka nemi sabon kati maimakon ka saba da gogawa.

Karawa da ake yi yanzu, wadda ake ɗora kati a jikin na'ura ba tare da sokawa ba, ba komawa baya ba ce. Cif ne dai ke magana, sai dai wutar da maganar suna bi ta iska, ta wata siririyar waya da aka naɗe cikin jikin katin, a tazarar 'yan santimita. Hatimi da ma'ƙirgi suna nan.

Inda cif ba ya taɓuka komai shi ne sayayya ta intanet. A can ba wanda ke tambayarsa. Lambar kati, ranar ƙarewa da ukun da ke baya kawai ake rubutawa, kuma dukkansu daskararru ne kamar baƙin layi. Ƙasashen da suka koma cif sun ga katin jabu ya ragu a kantuna, zamba kuma ta karkata zuwa intanet. Birtaniya, wadda ta tilasta amfani da cif da lambar sirri daga 14 ga Fabrairu 2006, ta ga hakan. Shi ya sa aka ƙaro lambar da banki ke turowa ta waya ko amincewa ta manhajar banki, don a samu wani abu mai canzawa a can ma. Haka nan wanda ya sace katinka na gaske kuma ya san lambar sirrinka, cif zai yi masa aiki kamar yadda yake yi maka, domin ba fuska yake gani ba.

Baƙin layin ya daɗe a bayan kati ne saboda ba duk duniya ta sauya lokaci ɗaya ba. Amurka, babbar kasuwar kati, sai a Oktoba 2015 ta fara aiki da ƙa'idar da ke ɗora asarar katin jabu a kan ɓangaren da bai koma cif ba, mai kanti ne ko banki, kuma wannan ne ya sa 'yan kasuwa suka sauya na'urorinsu. Muddin akwai sauran wuri ɗaya a duniya da ke karɓar gogawa, kwafin layinka yana da kasuwa a can. A shekarar 2021 Mastercard ta sanar da jadawalin cire shi: daga 2024 ba dole ba ne sababbin katunanta su ɗauki layin a yawancin ƙasashe, Amurka za ta bi a 2027, daga 2029 ba za a ƙara buga sabon kati da shi ba, zuwa 2033 kuma ana sa ran ya ɓace daga katunanta na cire kuɗi da na bashi gaba ɗaya.